Sanduna da taurari, ko layin da ya faɗi aikin da aka yi?

"Jama'a, zan nemi aikin shigar da bayanai a wata ƙungiyar agaji a Maiduguri. Na ɗauko tsarin CV a Canva mai sanduna, na sa Excel kashi 80, sadarwa kashi 90, aiki tuƙuru kashi 100. Yayana ya ce in cire su in rubuta a fili. Wanne ya fi?"

Ƙanwata, bi maganar yayanki. Amma bari in ajiye miki su biyun kusa da juna ki gani da idonki.

Ga na farko: Excel, sanda ta cika kashi 80. Mai tantancewa zai tambayi kansa, kashi 80 na me? Ɗalibi ne ya zauna ya ba kansa makin jarrabawa, babu takardar tambayoyi, babu malami. Wadda ta iya tara lambobi da SUM kawai za ta iya ba kanta 80. Wadda ta shekara biyar tana aiki da shi, ta san girman abin da ya rage mata, ƙila ta ba kanta 60. Kin ga sandar ta ɗaga wadda ba ta iya ba, ta danne gwana. Kuma duk sandar da ba ta cika ba, ke da hannunki kika nuna giɓinki.

Ga na biyu: "Excel: PivotTable, VLOOKUP, SUMIFS, na tsaftace rajistar ɗalibai 600 lokacin bautar ƙasa, na cire sunayen da aka maimaita, ina fitar da rahoton halarta duk wata." Misali ne, ki sa naki adadin na gaskiya. Wannan layin ya faɗi kayan aikin, ya faɗi girman aikin da inda aka yi shi. Ana iya jarraba shi, kuma abin da ya ba shi nauyi ke nan. Sau da yawa a irin wannan aikin ana zaunar da mutum gaban kwamfuta a ba shi fayil. Idan kin rubuta VLOOKUP, ki tabbata za ki iya haɗa teburi biyu da lambar rajista ana tsaye a kanki. In ba za ki iya ba, cire shi ki rubuta abin da hannunki ya saba.

Akwai kuma matsalar na'ura. Manyan ƙungiyoyi da yawa suna karɓar takardu ta manhajar tantancewa da ake kira ATS, ita kuwa rubutu take karantawa, sanda zane ce a wurinta. Gwada da kanki: buɗe PDF ɗin, danna Ctrl+A sannan Ctrl+C, ki liƙa a Notepad. Za ki ga sandunan sun ɓace, kuma idan shafin mai ginshiƙi biyu ne, wani lokacin layukan su cakuɗe.

Sai maganar "aiki tuƙuru" da "iya sadarwa". Ba wai halayen ba su da amfani ba ne. Matsalar ita ce babu mai neman aikin da zai rubuta cewa shi malalaci ne, don haka kalmar ba ta raba ki da kowa ba, wuri kawai ta cinye. Ki ɗauke su daga sashen ƙwarewa, ki kai su ƙarƙashin ayyukan da kika yi, su fito a matsayin abin da ya faru. Maimakon "iya sadarwa", ki ce kin yi wa masu tattara bayanai takwas bayanin fom da Hausa da Kanuri kafin su fita unguwanni. Wanda ya karanta shi zai yanke hukuncin cewa kin iya magana da mutane, hukuncinsa kuwa ya fi naki ƙarfi a wurinsa.

Kafin ki cika sashen, ki karanta sanarwar aikin da biro a hannu. Idan sun ambaci manhajojin tattara bayanai irin su KoboToolbox ko ODK, kuma kin taɓa aiki da su, ki rubuta sunan daidai yadda suka rubuta, ki sa shi a gaba. Abu shida zuwa takwas sun isa. Microsoft Word da lilo a intanet ba sa buƙatar layi nasu.

Wuri ɗaya ne mataki yake da ma'ana, wato harsuna, domin akwai ma'aunin da aka yarda da shi, CEFR, daga A1 zuwa C2. Idan kina da takardar DELF ta Faransanci, rubuta matakin da ke jikinta, misali B1. Ga Hausa da Kanuri, ki bayyana ko magana kawai kike yi ko har da karatu da rubutu, domin a Maiduguri za a iya miƙo miki fom a ce ki fassara shi nan take.