Zanen hanya ko ɗan rakiya?

Ana yawan tambayata: za a biki a ƙauyen bayan Daura, dangi sun turo zanen hanya, a bi shi ko a nemi ɗan rakiya?

Zane kyauta ne, ko ba sabis yana aiki. Amma ba ya auna nisa. Layin da bai kai ɗan yatsa ba sai ya zama tafiyar rabin awa cikin rairayi. An kuma rubuta "a karya dama wajen kuka", ka iske kukoki uku! Kira mai zanen ya ƙara masallaci ko firamare. Da damina ma rafi kan yanke hanya.

Ɗan acaba daga tasha sai an biya shi, amma ya san mashigar yau.

Mai isa da rana a rani, zane ya wadatar. Masu ɗauko amarya bayan magariba, su nemi ɗan gari.