Sharhina kan ejan ɗin da ya fitar min da kwantena a Tin Can

Tauraro biyu cikin biyar na ba shi, su ɗin ma don kayana sun iso Kano babu kwalin da ya ɓata.

Tayil na ɗauko daga Foshan a China, kwantena ƙafa 20, jirgi ya sauke a tashar Tin Can da ke Legas. Fom M, wato takardar shigo da kaya da ake cikewa ta banki, na buɗe tun kafin a yi lodi, PAAR, takardar kwastam ta ƙiyasin duti, ta fito, SONCAP, shaidar ingancin kaya, na hannu, kuɗin duti na tura masa cif. Ya ce kwana 10. Kwana 10 suka wuce, na kira, "Alhaji netwok ne, kwantar da hankalinka." Bayan kwana uku netwok ɗin dai. To ni matsalata ba jiran ba ne, kullum kwantena ta kwana a tasha kamfanin jirgi na lissafa min damarej su ma masu tasha na lissafa kuɗin ajiya, kuma duka biyun ƙaruwa suke in kwanaki sun yi nisa, shi kuwa ko sisi ba ya fita daga aljihunsa.

Rana ta 16 na daina tambayar "ya ake ciki". Na rubuta masa a WhatsApp: Malam an buɗe kwantenar an duba ko ba a duba ba? Wace takarda ce babu? Turo min hoton rasit ɗin duti yanzu.

Nan gaskiya ta fito. Ashe tun rana ta 9 aka duba, kwastam suka tarar da kwali 40 na kan famfo da mai kayan ya cusa min a bayan tayil, ba sa cikin inbois balle PAAR, sai aka rubuta DN, wato cikon duti kan abin da ba a bayyana ba. Wannan laifina ne, ni na ce a ƙara su a ƙurarren lokaci ban koma banki an gyara Fom M ba. Amma mutumin nan ya zauna da takardar sati guda wai yana neman a rage min. Wa ya aike ka? Damarej ɗin satin ya kusa kai cikon da kansa.

Washegari na biya. Da na ce yaushe za ta fita ya ce "insha Allahu jibi", na ce a'a lissafo min abin da ya rage. Kwastam su saki, a biya kamfanin jirgi su ba da izinin ɗauka, a biya tasha a karɓi TDO, takardar fitar da kwantena, sannan mota ta samu layin shiga. Da muka ƙirga kwana biyar ne ba jibi ba, kuma a na shida ta fito.

Aikin ya iya, ya san ofis-ofis. Zan iya sake ba shi, amma ranar da aka buɗe kwantena ƙanena da ke Agege zai tsaya a wurin.