Teburin duba kuɗin tafiya da muka saya: abin da yake kamawa da abin da ke wuce shi

Ni ne ma'ajin wata ƙaramar ƙungiyar manoma a nan Maradi, kuma duk wanda aka aika wani gari da kuɗin ƙungiya, a wurina takardunsa suke ƙarewa. Bara muka sayi wani tebur na Excel daga hannun wani matashin akanta a cikin gari, jika 15 har da koyarwar yini guda. Shafi uku ne: na rasit, na kuɗin guzuri, na kilomita da mai. Kuɗinsa bai faɗi banza ba, amma wanda ya ɗauka teburin zai yi masa binciken, za a ci shi yana kallo. Ga wata takarda da na duba da shi.

An aika wani ma'aikacinmu taro Damagaram da motar ƙungiya, ya tashi Litinin ya dawo Alhamis. An ba shi sefa 150,000 kafin tafiya. Da ya dawo ya rubuta cewa ya kashe 169,500, wato ƙungiya za ta cika masa 19,500.

Da guzuri na fara. Ya rubuta kwana 4 a kan 25,000, jimla 100,000. Dokar ƙungiyarmu kuwa (kowace ma'aikata da tata, sai ka buɗe taku ka karanta) daren da aka kwana a waje take biya cikakke, ranar dawowa rabi. A nan teburin ya burge ni, don ba ya tambayar kwana nawa ka yi, ranar fita da ranar dawowa yake karɓa ya cire wannan daga wannan:

```
=(C3-C2)*25000+12500
```

Litinin zuwa Alhamis dare 3 ne, ga rabin yini, ya ba da 87,500. Ranakun kuma ba daga bakin matafiyi nake ɗaukarsu ba, daga hatimin isa da na tashi da aka buga a bayan takardar izinin tafiya nake kwafowa. Sai dai akwai abin da teburin bai sani ba. Takardar gayyatar taron ta ce masu taro ne ke ba da abincin rana Talata da Laraba, mu kuma dokarmu tana zare 3,000 a kan kowane abincin da aka ciyar da kai. Babu gurbin wannan ko ɗaya a shafin, da hannu na cire, guzuri ya tsaya a 81,500. Wanda bai karanta gayyatar ba, 6,000 sun tafi kuma teburin zai nuna masa komai daidai.

Shafin rasit shi ne ya fi biyan kuɗinsa. Kowane rasit kana shigar da lambarsa, ranarsa da kuɗinsa, idan lamba ta maimaitu layin ya yi ja:

```
=NB.SI($B$5:$B$30;B5)>1
```

Rasit ɗin mai uku ne a cikin ambulan: na 25,000, na 20,000, da wani na 20,000. Biyun ƙarshe suka yi ja. Da na jera su a kan tebur sai ga lamba ɗaya, gidan mai ɗaya, rana ɗaya, na biyun hoto ne na na farkon. Na kira ma'aikacin na ce, "Malam, wannan fa tagwaye ne." Ya duba ya ce, "Wallahi ma'aji, direba ne ya yi masa hoto don kada rubutun ya goge, ni kuma na haɗa duka." Na yarda da shi, don rasit ɗin inji idan ya yini a gaban mota cikin ranar Maradi, zuwa yamma rubutun ya fara dushewa. Hoton abu ne mai kyau, amma a manne shi a bayan na asali da ƙusar takarda, a ƙidaya su guda.

A wannan shafin kuma akwai ramin da ya kamata mai teburin ya toshe bai toshe ba. Sakatariyarmu ce ta shigar da rasit ɗin, wajen kuɗin facin taya ta rubuta 2500F, da harafin a jiki. Dabarar tarawa, wato SOMME, ba ta ƙidaya abin da ta ɗauka rubutu ne, kuma ba ta yin ƙorafi, tsallakewa kawai take yi. Jimla ta fito da giɓin 2,500, wannan karon matafiyin za a cuta. Alamarsa ita ce lambar gaskiya tana jingina dama a cikin gidanta, wadda ta zama rubutu tana jingina hagu. Yanzu na ƙara gida ɗaya da ke ƙidaya layukan da ke ɗauke da lamba, in gwada da yawan takardun da ke hannuna. A kula kuma da bakinmu: direba zai ce ya biya mai faci "ɗari biyar", yana nufin dala 500, wato sefa 2,500 ɗin nan, mai shigarwa kuma ya buga 500.

Sai kilomita. Littafin mota ya nuna 84,210 da fita, 84,735 da dawowa, tafiyar kilomita 525. Maradi zuwa Damagaram ta Tasawa kusan kilomita 240 ce, zuwa da dawowa 480, ragowar 45 zirga-zirga ce tsakanin masauki da wurin taro, ba abin tuhuma ba ne. Motarmu tana shan kimanin lita 12 a kilomita 100, ke nan lita 63. A nan na tarar da abin da ya fi ɓata mini rai a teburin: farashin lita a binne yake cikin dabarar, kuma tsohon farashi ne, 668. Tun watan Yuli na 2024 aka sauke gazuwal zuwa 618. Ya kamata farashin ya zauna a gidansa daban inda ido zai gan shi. Da na gyara, man da tafiyar ta ci ya kama 38,934.

Rasit na gaskiya kuwa 45,000 ne, kusan lita 73. Teburin ya yi ja, don an wuce kashi 10 cikin 100 da yake yafewa. Da na bi shi ido rufe da na yanke wa mutum jika 6 a banza. Na fita na kunna motar na dubi allurar mai, na gwada da abin da direba ya rubuta ranar fita: da rabin tanki suka tashi, sun dawo ya ɗara rabi. Lita 10 ɗin suna cikin tankin ƙungiya. Daga ranar muka sa doka a fita da tanki cike, a cika shi ranar dawowa, rasit na ƙarshe ya rufe lissafi.

Da aka tattara: guzuri 81,500, mai 45,000, faci da takardun kuɗin hanya 4,500, jimla 131,000. Maimakon a cika masa 19,500, shi ne ya mayar wa akwati 19,000, ya sa hannu ba gardama, don kowane layi na nuna masa takardarsa.

Ga ƙungiyar da ke aika mutane a kai a kai, ina ba da shawarar a saya, musamman don kama rasit mai maimaituwa da ƙidayar dare. Kafin ka biya, ka sa mai shi ya fito da farashin lita da kuɗin guzuri fili, ya ƙara gurbin zare abinci, ya kuma hana gidajen kuɗi karɓar harafi. Namu ya gyara na farko da na ƙarshe kyauta, na abincin ya ce sai an ƙara masa jika 5, har yanzu muna ciniki.