Euro 6 a motar fetur da Euro 6 a motar dizal: ba aiki ɗaya suke yi ba

"Jama'a, don Allah ina da tambaya. An nuna mini motoci biyu, ɗaya ta fetur ɗaya ta dizal, kowace a takardarta an rubuta Euro 6. Ke nan hayaƙinsu ɗaya ne? Kuma me ya sa ta dizal ɗin kaɗai ke da wani ƙaramin tanki mai shuɗin murfi?"

Malam, sunan dokar ɗaya ne, amma iyakar da aka sa wa kowace daban, hanyar da kowace ke bi ta cika sharaɗin ma daban.

Euro 6 doka ce ta Tarayyar Turai da ta fara aiki a kan sababbin samfurin ƙananan motoci a watan Satumba na 2014. Ba ta gaya wa kamfani irin na'urar da zai saka ba. Abin da ta ce shi ne, a kowace kilomita da mota ta yi, abin da zai fito ta salansa kada ya wuce kaza. Abubuwa biyu ne suka fi ba masu ƙera motoci wahala. Na farko iskar da ake rubutawa NOx, wadda ke samuwa idan zafi ya yi tsanani a cikin injin har naitirojin da oksijin na iskar da injin ya shaƙa suka haɗe. Ita ce ke tayar wa masu asma ciwonsu. Na biyu kunkunniya, wato ƙananan ɓurɓushin man da bai ƙone sarai ba, waɗanda ke shigewa can cikin huhu.

A ɓangaren NOx, motar fetur ba za ta wuce miligiram 60 a kilomita ba, ta dizal kuwa an bar mata 80. Wanda ya ga wannan zai ce ai an yi wa dizal sassauci, kuma haka ne, sai dai a duba inda kowace ta taso. Fetur tana kan 60 tun Euro 5 na 2009, Euro 6 bai ƙara matsa mata ba. Dizal kuwa tana kan 500 a Euro 3, ta sauko 250 a Euro 4 na 2005, sannan 180 a Euro 5, sannan 80. A ɗauki mai mota da ke yin kilomita 20,000 a shekara. Idan motarsa tana kan iyaka daidai, ta dizal Euro 4 za ta fitar da kilo 5 na NOx a shekara, ta dizal Euro 6 kilo 1.6, ta fetur Euro 6 kuma kilo 1.2.

Dalilin da ya sa fetur ta samu sauƙi yana cikin yadda take ƙona mai. Injin fetur yana gauraya iska da mai a ma'auni tsayayye, kimanin kashi 14.7 na iska ga kashi 1 na mai a nauyi, yadda kusan babu oksijin da ke saura a hayaƙin. Akwai sansa a bututun salansa da ke gaya wa kwamfutar mota ko ma'aunin ya karkace, ita kuma ta gyara nan take. A irin wannan hayaƙi, kwandon nan mai ramuka kamar saƙar zuma da bakanikai ke kira indomi yana iya raba naitirojin da oksijin ɗin da suka haɗe, ya mayar da su iska mara illa. Da ya ɗauki zafi, sama da kashi 90 cikin ɗari na NOx ba ya wuce shi. Ba a zuba masa komai, ba ya neman wani tanki. Rauninsa a mintocin farko ne bayan an tayar da mota, kafin ya yi zafi.

Injin dizal ba haka yake ba. Iska yake shaƙa fiye da abin da man ke bukata, shi ya sa yake da tsimin mai, amma hayaƙinsa cike yake da oksijin, kuma a cikin irin wannan hayaƙi indomi ba ya iya komai a kan NOx. Sannan ga wata matsala da ta fi wannan: NOx da kunkunniya kamar sikeli suke, in ka danne ɗaya ɗayan ya tashi. Idan aka bar wuta ta ci da zafi sosai, man zai ƙone tas, kunkunniya ta ragu, NOx ya ƙaru. Idan aka rage zafin, misali ta hanyar mayar da wani ɓangare na hayaƙi cikin injin, abin da ake kira EGR, NOx zai sauka, kunkunniya ta yi yawa. Har zuwa Euro 4 kamfanoni da dama suna iya samun tsaka-tsaki a cikin injin kawai. Da aka matse iyakokin biyu tare, sai ya zama dole a bi hayaƙin a tace shi bayan ya fito, kowace matsala da na'urarta.

Tankin mai shuɗin murfi na NOx ne. Abin da ake zubawa, AdBlue, yuriya ce kashi 32.5 cikin ɗari a cikin tataccen ruwa. Mota tana fesa shi kaɗan-kaɗan a cikin bututun hayaƙi, zafi ya mayar da shi amoniya, amoniyar ta haɗu da NOx a cikin wani kwando na musamman, abin da zai fito ya zama naitirojin da tururin ruwa. Sai hayaƙin ya kai kimanin digiri 200 kafin aikin ya kankama, don haka motar da ke rarrafe a cunkoson gari da sanyin safiya ba ta samun cikakken amfaninsa. Dokar ta kuma toshe ƙofar ƙin zubawa: mota tana fara gargaɗi tun saura tafiyar kilomita 2,400, idan kuma tankin ya ƙare ƙarƙaf aka kashe injin, ba zai sake tashi ba sai an zuba. Kada kowa ya ce zai jiƙa takin yuriya na gona ya zuba a ciki. Dattin da ke cikinsa da gishirin ruwan rijiya za su toshe bakin feshin su lalata kwandon.

A ɓangaren kunkunniya kuwa, dokar ta yi wata dabara da nake ganin ita ce mafi kyawun abin da ke cikinta. Da farko nauyi kawai ake aunawa: miligiram 25 a kilomita a Euro 4, aka sauko zuwa 5 a Euro 5, daga baya 4.5. Amma ɓurɓushin da suka fi illa su ne mafi ƙanƙanta, kuma kusan ba su da nauyi. Mota na iya cin jarrabawar nauyi alhali tana fesa su ba adadi. Sai aka ƙara sharaɗin ƙidaya daga 2011: kada ɓurɓushin su wuce biliyan 600 a kilomita. Adadin yana da ban tsoro a kunne, amma injin dizal ba ya iya sauka zuwa nan sai da matatar da ake kira DPF. Tubali ne mai dogayen ramuka, an toshe kowane rami ta gefe ɗaya kawai, dole hayaƙi ya ratsa ta bango, kunkunniya ta maƙale. Idan ta taru, mota tana ƙara fesa mai don zafin ya kai wajen digiri 600 ta ƙone ta.

Nan ma fetur ta rabu gida biyu. Tsohon tsari, wanda ake fesa mai a mashigar iska kafin ya shiga injin, ba ya yin kunkunniya sosai, don haka Euro 6 bai sa masa iyakar ɓurɓushi ba. Injin da ke fesa fetur kai tsaye a kan fistin shi ne ke yinta, kuma daga 2017 aka ɗora masa biliyan 600 ɗin daidai da dizal. Shi ya sa sababbin motocin fetur da yawa na Turai su ma suke da matata, sai dai tasu ba ta cika toshewa ba, saboda hayaƙin fetur ya fi zafi.

Abin da zan so ka duba a takardar shi ne harafin da ke bayan lambar, domin Euro 6 ba guda ɗaya ba ne. Motocin farko, masu Euro 6b, an gwada su ne a ɗakin gwaji kawai, a kan naɗi, tafiyar kilomita 11 cikin minti 20 a hankali. A watan Satumba na 2015 hukumar kare muhalli ta Amurka ta bayyana cewa Volkswagen ya saka wa motocinsa na dizal manhajar da ke gane lokacin gwaji ta rage NOx, a kan titi kuma wasu su fitar da har ninki 40 na iyakar Amurka. Kamfanin ya amsa cewa abin ya shafi motoci kusan miliyan 11. Awon da aka yi ta yi bayan nan ya nuna motocin dizal na wasu kamfanoni ma suna wuce iyaka ninki-ninki a kan titi. Daga Satumba 2017 aka fara ɗaura wa mota na'urar awo a baya, a fita da ita titi na minti 90 zuwa 120, cikin gari da ƙauye da babbar hanya. A matakin Euro 6d-TEMP an yarda NOx na kan titi ya kai ninki 2.1 na iyaka, wato miligiram 168 ga dizal, a Euro 6d na 2020 aka rage zuwa ninki 1.43. Saboda haka dizal mai Euro 6b da mai Euro 6d, a wajena, ba aji ɗaya suke ba. A fetur tazarar ba ta kai haka ba.

Duk wannan an gina shi ne a kan man Turai, wanda farar wutar da ke cikinsa ba ta wuce kashi 10 cikin miliyan tun 2009. Ƙasashen ECOWAS sun amince a 2020 da kashi 50 cikin miliyan, da Euro 4 a matsayin mafi ƙarancin mataki ga motocin da ake shigowa da su. Idan dizal ɗin da kake sha yana da farar wuta da yawa, matatar za ta riƙa cika da wuri, kwandunan su raunana. Alamun ba sa ɓuya: fitilar DPF tana yawan kamawa, mota ta rage ƙarfi, baƙin mai ya haura alamar sama a sandar awo saboda dizal yana zurarewa cikinsa. Akwai kuma gwaji mai sauƙi kafin ka biya kuɗi. Bayan motar ta huce, sa yatsa a bakin salansar ta dizal ɗin. Mai lafiyayyar matata ba za ta ɓata maka yatsa sosai ba. In ya fito baƙi ƙirin, matatar ta tsage ko an ƙwaƙule ta, kuma rubutun da ke takarda bai da sauran ma'ana.

In zirga-zirgarka ta cikin gari ce, daga gida zuwa kasuwa zuwa makarantar yara, ɗauki ta fetur, domin matatar dizal tana bukatar doguwar tafiya lokaci-lokaci kafin ta ƙone abin da ta tara. In kuwa kana yawan bin babbar hanya, kana da gidan man da ka amince da dizal ɗinsa, kuma ka san inda za ka riƙa samun AdBlue da baƙin mai mai ƙarancin toka, ta dizal za ta yi maka, musamman idan takardarta ta nuna 6d.