Abuja zuwa Kaduna da yara a makon Sallah: jirgin ƙasa ko mota?

"Assalamu alaikum. Ina Kubwa, zan je gida Kaduna Ƙaramar Sallah da yara uku, ɗan shekara bakwai, 'yar shekara huɗu da na goye. Maigida ba zai samu zuwa ba. Jirgin ƙasa zan bi ko mota? Cunkoso nake tsoro."

Wa alaikumus salam, Hajiya. Jirgi zan zaɓa miki, amma da sharaɗi biyu: tikiti ya kasance da sunanki, kuma ki tashi kafin jajibere. In ɗaya ya kuskure, motar safe ta fi miki.

Bari mu fara da ranar tafiya, domin ita ce ke yanke sauran. Babbar Sallah tana da sauƙin shiri, tunda da an ga watan Zulhajji kowa ya san ranar goma, ana da kwana tara a hannu. Ƙaramar Sallah ba haka take ba. Sai daren da azumi ya cika 29 ake jiran sanarwar Sarkin Musulmi, ko gobe Sallah ko jibi. Shi ya sa ma'aikatan Abuja da 'yan kasuwa suke taruwa su ɗunguma a kwana biyun ƙarshe, kowa na gudun kada Idi ya riske shi a hanya. A ce azumi na 29 ya faɗo ranar Laraba. Sallah ke nan Alhamis ko Juma'a. Laraba ita ce ranar turmutsutsu, Talata da yamma ma an fara. Ke da ba hutun gwamnati kike jira ba, Litinin ce ranarki, in ta matsa Talata da safe. Kwana biyun da za ki ƙara a gida ba asara ba ce, ga kitso ga lalle ga suyar cincin.

Yanzu ga yadda samun wuri yake a kowanne. Jirgin Abuja zuwa Kaduna ya fara aiki a 2016, tsawon layin kilomita 186 ne daga Idu zuwa Rigasa, a farkon aikinsa tafiyar awa biyu ce da ɗan wani abu. Kujerunsa a ƙidaye suke, zuwansa a rana ma 'yan kaɗan ne, kuma taron Sallah ya fi ƙarfinsu nesa. Tun 2021 ake yankan tikiti ta intanet, kuma tun da jirgin ya dawo aiki a Disamba 2022, bayan harin da aka kai masa ranar 28 ga Maris na wannan shekarar, sai da lambar NIN ake sayarwa. "Yanki da wuri" a nan ba ya nufin wata guda kafin tafiya kamar na jirgin sama, domin ba a buɗe sayarwa sai tafiya ta matso. Abin da za ki yi tun yanzu shi ne ki yi rajista a shafin hukumar jiragen ƙasa, NRC, ki saka NIN ɗinki, ki tabbatar katin bankinki yana biya ta intanet, sannan ki lura kwana nawa gaba shafin yake nunawa. In kin gane haka, kin san ranar da tikitin Litinin ɗinki zai fito, sai ki zauna masa. A makon Sallah wanda ya tsaya neman lambar sirrin da ya manta, kafin ya dawo kujeru sun ƙare.

Kada ki sayi tikiti a hannun wani a bakin tasha ko ta waya, komai daɗin bakinsa. Ban da ninkin kuɗi, ana duba sunan da ke jikin tikiti a gwada da katin shaida. Namiji shi kaɗai in aka mayar da shi sai ya kaɗa riga ya nufi tashar mota. Ke kuwa da goyo da jaka da yara biyu masu kuka, ranar ta lalace.

Mota ba ta san wannan wahalar ba. Ki je Jabi ko Zuba da kuɗinki, za ki samu. Kuɗin ne kawai ba shi da tsayayyen farashi a irin wannan mako: motocin suna fita cike su dawo kusan wayam, direba kuwa sai ya fanshe man dawowa a kan fasinjan tafiya, ga rabon 'yan kamasho. Sannan lokacin tashi ba na agogo ba ne, sai mota ta cika. Da sassafe tana cika nan da nan. In rana ta ɗaga a jajibere kuma, motocin ne ke ƙaranci, mutane su yi ta rububi a ƙofa tun mota ba ta gama tsayawa ba. A cikin tasha ki shiga mota, inda ake rubuta sunan fasinja, ban da ta bakin titi ko da ta fi araha.

Inda na fi son ki tsaya ki yi tunani shi ne yadda wahalar take rabuwa. Ta mota a shimfiɗe take tsawon hanya. Yaro yana matse na awa uku ko huɗu, in an haɗu da cunkoson tireloli wajen Tafa ko inda ake aikin titi ya wuce haka, ba banɗaki, ba miƙe ƙafa, kuma direba na sauri don ya juyo ya sake lodi. Amma yaro ba ya ɓata a cikin mota. Ta jirgi kuwa a dunƙule take cikin mintuna kaɗan, lokacin shiga da lokacin sauka. In kun wuce wannan, ga kujera, ga sanyi, ga banɗaki, 'yar shekara huɗun ma ta samu ta ɗan taka. Wahalar da ta taru wuri ɗaya ana iya yi mata shiri, dalilina ke nan na fifita jirgi.

Shirin farko zai ba ki mamaki: ko da yake a Kubwa kike, ki yi tunanin hawa daga Idu. Tashar Kubwa ta kan hanya ce, jirgi yana zuwa da mutane a ciki, ya tsaya 'yan mintuna ya wuce, don haka kowa a tsaye yake da kayansa yana jiran ƙofa ta buɗe. Idu ita ce mafari, jirgi a tsaye yake, kina da sararin neman taragonki a natse. Kuɗin tasi ya ƙaru, gaskiya ne, amma ga mace ɗaya da yara uku ya cancanta. In kin zaɓi Idu, to tun wurin yankan tikiti ki saka Idu.

Na biyu, ki tuna tikitinki yana ɗauke da lambar tarago da ta kujera. Ba wanda zai riga ki wurin zama, saboda haka babu abin da turereniya za ta ƙara miki. Ki ja yaranki baya, nesa da bakin layin dogo, ki jingina da bango ko ginshiƙi, ki bar masu gaggawa su shige. Abin tsoro a dandamali ba jirgin da ke tsaye ba ne, turin da ke zuwa daga baya ne lokacin da jirgi ke shigowa, da kuma ratar da ke tsakanin dandamali da ƙofar tarago, wadda ƙafar ƙaramin yaro za ta iya zurmawa.

Hannuwanki biyu na yara ne, ba na kaya ba. Na goye a ɗaure shi da zani a ƙara majanyi, kuma ki kula da kansa a bakin ƙofa, domin masu ɗauke da akwati a kafaɗa ba sa ganin abin da ke bayan mace. 'Yar shekara huɗun ki riƙe ta a wuyan hannu, ba a yatsu ba, yatsu suna suɓucewa in an yi gumi. Kada ki ce yayanta ya riƙe ta, shi ma yaro ne, in taro ya ture su tare za su tafi. Shi ya kasance a ɗaya hannun. Wannan yana nufin jaka ɗaya ta rataye, sai akwati ɗaya da mai rakiya ko ɗan dako zai ɗauka. Tsarabar Sallah mai nauyi, shinkafa da mai da atamfofin 'yan gida, ki aika ta a mota tun mako guda kafin nan, wani ya karɓa a Kawo ko Mando. A ƙofa yara su fara shiga, ke ki bi su, kaya a ƙarshe. Kada ki juya karɓar akwati alhali yaro ɗaya yana ciki ɗaya yana waje.

Akwai ƙananan dabaru da ba sa cin ko sisi. Ki rubuta lambar wayarki da ta wanda zai tare ku a takarda, ki maƙale ta a aljihun kowane yaro da fil. Ki sa musu kaya masu launi iri ɗaya mai haske, ki ɗauki hotonsu da safen nan, domin uwa in ta ruɗe sai ta manta rigar da ta sa wa ɗanta da hannunta. Babban ki koya masa abu ɗaya tak: in bai gan ki ba ya tsaya inda yake, kada ya bi kowa, sai mai kaki. Waɗannan duk suna aiki a tashar mota ma, inda haɗarin ya fi zuwa daga motocin da ke ja da baya da masu babur.

Sauka a Rigasa ba ta da gaggawa, nan ne ƙarshen layi. Ki zauna har tarago ya yi sauƙi sannan ki miƙe. Sai dai tashar tana gefen gari, kuma mutum ɗari-ɗari ne za su fito lokaci guda suna neman Keke da tasi, farashi ya hau. A nan mota ta fi, don ita cikin gari take sauke ki. Ki sa wani daga gida ya zo ya jira ku, kuma ki guji jirgin ƙarshe na yamma, kada magariba ta same ki a waje da yara kina ciniki.

In tikiti ya gagara, kada ki je tasha da fatan a dace. Ki kama motar farko bayan asuba, ki biya kujera uku, taki da ta yara biyun, a baya ba kusa da direba ba. Ɗora 'yar shekara huɗu a cinya alhali kina da na goye, na awa huɗu, ragin kuɗi ne da za ki biya da jikinki. Ruwa kaɗan-kaɗan za ki riƙa ba su, ki kai su banɗaki kafin a tashi.

Dawowa ma ki sa ta a lissafi tun yanzu. Ranar ƙarshe ta hutun gwamnati duk wanda ya tafi zai juyo, tikitin Rigasa ya yi wuya kamar na zuwa. Ki ƙara kwana biyu in makarantar yara ta ba da dama. Kuma a dawowar tashar Kubwa ce mai gajeren tsayi, don haka da jirgi ya wuce Jere ki fara haɗa yara da takalmansu, kafin ya tsaya kina kusa da ƙofa, ke ki fara sauka sannan ki sauko da su ɗaya bayan ɗaya.