Ɗaukar shiri daga dikoda zuwa filash: yana yi, amma da sharaɗi

Dikodata irin ta tashoshin kyauta ce, wadda aka rubuta PVR a jikin kwalinta, wato tana iya ɗaukar shiri ta ajiye. Na saya mata filash mai gig 32 don in riƙa ɗaukar tafsiri da ƙwallo idan ina kasuwa. Haɗawar ba wuya: ka soka filash, ka danna jan maɓallin REC a rimot, shi ke nan. Hoton da ta ɗauka kuwa ba ya raguwa ko kaɗan, domin abin da ya sauko daga tauraron ɗan'adam shi take zubawa kai tsaye, ba ta matse shi.

Wannan kyawun hoton shi ne ke cinye wuri. Tashar HD da ke zuwa da megabit 8 a daƙiƙa tana cin kusan gig uku da rabi a awa guda, wasan ƙwallo ɗaya da hutun rabin lokaci ya haura gig shida. Wato wasa huɗu ko biyar, filash ɗina ya cika. Ƙaramar tasha marar HD ba ta kai rabin haka ba. Sannan filash mai tsarin FAT32 ba ya karɓar fayil ɗin da ya wuce gig 4, sai dikodar ta yanka wasan gida-gida. A kanta yana tafiya a jere, amma a kwamfuta sai ka bi su ɗaya bayan ɗaya. Fayilolin .ts ne, VLC na buɗe su lafiya lau.

Abin da ya fi ba ni haushi shi ne canza tasha. Dikodar hanyar kama sigina ɗaya gare ta, don haka muddin tana ɗauka, tashoshin da ke kan TP ɗaya da wadda ake ɗauka, wato waɗanda ke saukowa tare da ita a kan mita ɗaya, su kaɗai za a iya kallo. Yara sun so katun, ta ƙi, sai an tsayar da ɗaukar. Mai sayarwa bai faɗa min wannan ba.

Sa mata lokaci ta Timer yana aiki, in dai akwai wuta. Aka ɗauke a tsakiyar shiri, ɗaukar ta tsaya nan, wani lokacin ma fayil ɗin ya ƙi buɗewa. Hadari ma haka: sigina ya yanke, yankewar za ka tarar a ciki. Idan kuwa sama garau take amma hoton da aka ɗauka yana sarƙewa, filash ɗin ne ba ya rubutu da sauri, irin na arha ɗin nan na bakin titi.

Wani maƙwabcina mai dikodar biyan kuɗi ya ɗauki shiri ya kawo min, ya ƙi buɗewa a tawa, ya ƙi a kwamfuta, saboda a kulle aka ajiye shi, dikodar da ta ɗauka kaɗai ke karanta shi. Ga mai son ajiye tafsiri daga tashar kyauta, na ce ya sayi irin tawa, ya haɗa da filash mai kyau. Mai son ɗaukar ƙwallo ana kallon wata tashar a falo, ya nemi mai hanyar sigina biyu.