Daga Atina: Ista biyu, lissafi biyu

Yaya, gaisuwa da fatan kowa lafiya. Ga bayanin abin da ya sa kuke gama bikin Ista a Jos alhali nan Girka mutane suna cikin azumi.

Ƙa'idar ɗaya ce, kuma ana danganta ta da taron shugabannin coci na Nikiya a shekarar 325. Ana jiran 21 ga Maris, a duba cikar wata ta farko daga ranar, sai Lahadin da ta biyo baya ta zama Ista. Saɓanin yana wajen kalanda. Tsohuwar kalandar Yuliyas tana ƙara wa shekara kimanin minti 11, wanda ke taruwa ya zama kwana guda duk shekara 128. A 1582 Paparoma Gregory na 13 ya cire kwana 10 ya gyara lissafin, cocin Otodoks ta Girkawa da ire-irensu kuwa ba ta bi ba. Yau tazarar ta kai kwana 13, don haka 21 ga Maris ɗinsu ita ce 3 ga Afrilu a kalandarku. Cikar watan ma ba a sama ake dubawa ba, a jadawali ne, kuma nasu yana makara da kwana 4 ko 5.

Dubi 2024. Wata ya cika 25 ga Maris, ku da Jamus da Italiya kuka yi Ista 31 ga Maris. A lissafin Otodoks wannan watan ya riga lokaci, dole a jira na gaba. Jadawalinsu ya sa cikarsa 28 ga Afrilu, ranar kuwa Lahadi ce, ƙa'ida ta ce sai Lahadin gaba. Shi ya kai su 5 ga Mayu, mako biyar cif. A 2025 an haɗu ranar 20 ga Afrilu. A 2026 mako guda ne tsakani, 5 da 12 ga Afrilu.

Abin da ke ruɗa baƙo shi ne Girka tana Kirsimeti 25 ga Disamba kamar ku, Ista kaɗai ta bari a tsohon lissafi.

Kasuwa ma lissafin coci take bi. Lokacin da shagunan Jamus suka karya farashin cakulan bayan biki, nan naman rago bai ma fara tsada ba, sai makon Istarsu, tare da ƙwai da ake rinawa ja. A makon nan tikitin jirgin ruwa daga Piraeus, tashar jiragen ruwan Atina, zuwa tsibirai kan yi wuya.

Batun kuɗi ya fi damuna. Tsarin biyan Yuro tsakanin bankunan Turai yana rufewa ranar Juma'a da Litinin na Istar Yamma, wato taku, ranakun da bankunan Najeriya ma suke hutu. Bankunan Girka kuma sai su rufe a tasu Istar. Saƙo na iya makalewa sau biyu ke nan. A 2027 ranakun Istar biyu su ne 28 ga Maris da 2 ga Mayu, saboda haka duk mai jiran kuɗin makaranta daga nan ya yi magana mako guda kafin kowacce.